Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sarakunan zango da limaman Kumasi kan silif ɗin da banki ke mayar wa mutanenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena sarakuna, ranku ya daɗe. Malamaina limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiyoyin fatake da 'yan kasuwa na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar, ina gaishe ku da ƙoƙari.

Ni ɗanku ne, haifaffen zango, na yi aikin banki a teburin buɗe asusu har na ajiye. Tun da na dawo gida ba a rasa mai ƙwanƙwasa mini ƙofa da 'yar takarda a hannu, an nannaɗe ta a leda, yana cewa ga lambarsa ta ɗan ƙasa ɓaro-ɓaro a jiki amma banki ya ƙi buɗe masa asusu. Kusan kowa da fassara ɗaya yake zuwa: an ga sunansa na Musulmi, an ga hula ko mayafi, an raina shi. Ba zan ce babu raini ba, domin na zauna a cikin ofisoshin nan na ji yadda wasu ke magana idan ɗan zango ya juya baya. Amma a yawancin abin da ya zo hannuna, ko da ma'aikacin ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, takardar nan ba za ta buɗe asusu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wanda ya tafi da zaton raini ne ba ya komawa ya gyara abin da ya hana shi. Sai ya je ya ari asusun wani, kuma a nan ne dukiyar mutane ke salwanta.

Silif iri biyu ne ke yawo a zangonmu, mutane kuma suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai na Najeriya, mai ɗauke da lambar shaida ta NIN, wanda NIMC, hukumar rajistar katin shaida ta can, ke bayarwa, shi ne a aljihun baƙinmu 'yan Kano da Sakkwato da Zariya. Akwai kuma namu na nan, wanda NIA, hukumar rajistar katin shaida ta Ghana, ke miƙa wa mutum ranar da ya yi rajistar Katin Ghana kafin katin ya fito. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin shi ne asararsa ta fi girma.

Duk wanda ke da baƙo daga Najeriya ya karɓi tsohon silif ɗinsa ya duba da kyau. Zai ga lambar bibiya ta rajista, da lambar NIN mai alƙaluma 11, da suna, da jinsi, da adireshi, da ɗan hoto a gefe. Ba zai ga ranar haihuwa ba, ba zai ga sa hannu ba, ba zai ga ranar da takardar za ta daina aiki ba. Sabon samfurin da aka inganta yana da ranar haihuwa da wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya, amma shi ma bugawa ake yi a shago a manne da leda. Duk yaron da ya iya kwamfuta zai iya cire hoton ya sa wani cikin minti kaɗan. Kuma lambar NIN ba ta ma nuna cewa mutum ɗan Najeriya ne, tunda baƙon da ke zaune can bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi.

Shi kuwa ma'aikacin banki, doka ta ɗora masa tambayoyin da dole ya amsa kafin ya buɗe asusu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2020, mai lamba 1044, ta wajabta masa ya san wanda ke gabansa, ya kuma tabbatar da hakan daga wata majiya amintacciya wadda ba daga bakin mai neman asusun ta fito ba. Sai ya gamsu cewa akwai mutum mai wannan suna da wannan lamba, sannan ya gamsu cewa wanda ke zaune a kujerar nan shi ne mutumin. Silif ba ya amsa ko ɗaya da kansa. Iyakarsa ya ce ga inda za a je a tambaya. Ba kuma haka kawai aka tsananta ba. Daga 2018 zuwa 2021 Ghana tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ta duniya ta sa wa ido kan raunin tsaron harkar kuɗi, kuma mu da ke ciki a lokacin mun ga yadda masu bincike ke zare fayil ɗaya bayan ɗaya suna tambayar wa ya buɗe wannan, da wace shaida. Ma'aikacin da ya karɓi takardar da bai iya tabbatarwa ba, aikinsa ya jefa cikin hatsari.

Ranku ya daɗe, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Tun zamanin fataucin goro, baƙo ba ya karɓar kaya bashi a zango sai maigidansa ya tsaya masa, kuma maigidan wanda ake iya zuwa zaurensa a tambaya ne. Da baƙo zai zo da wasiƙar wani maigida na wani gari mai nisa, wanda babu mai iya isa gare shi ya ji ko shi ya rubuta, da kun karɓe shi da mutunci kun ba shi masauki, amma ba ku ɗora masa kayan mutane ba. Matsayin silif ɗin NIN a bankin Kumasi ke nan.

Baƙinmu suna cewa, ai a Kano da wannan takarda muka buɗe asusu. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba takardar ce ta buɗe ba. Bankin Kano yana da hanyar shiga rumbun bayanan NIMC. Ma'aikaci zai buga lambar a kwamfuta, hoto da suna da ranar haihuwa su fito daga hukumar, ya dubi fuskar mutum, sannan ya gwada da abin da ke kan lambarsa ta BVN, wadda bankunan Najeriya suka fara amfani da ita a 2014. A Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙaramin asusu na matakin farko sai da BVN ko NIN, manyan asusu na mataki na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun. To ko a can ana mayar da mai silif, idan sabis ya ɗauke aka kasa isa ga rumbun, ko aka ga Muhammadu a wannan lamba Mamman a waccan, ko ranar haihuwa ta saɓa. Takardar ɗaya ce jiya da yau, abin da ya canja shi ne amsar da ta fito daga hukuma.

A Kumasi wannan hanya babu ita sam. Bankin Ghana da rumbun NIA aka haɗa shi, ba da na NIMC ba. Hatta bankunan da uwayensu ke Legas, waɗanda baƙinmu ke rugawa wurinsu saboda sun ga suna da launin da suka saba gani a gida, a nan kamfanonin Ghana ne, da lasisin Babban Bankin Ghana suke aiki, dokarsa suke bi. Shi kuwa Babban Bankin ya yi sanarwa tun farkon 2022 cewa daga 1 ga Yuli na shekarar, Katin Ghana ne shaidar da za a riƙa karɓa a duk cibiyoyin kuɗin da ke ƙarƙashinsa. Ɗan ƙasa ma da ya zo da katin zaɓe ko lasisin tuƙi an daina buɗe masa da su, balle takardar wata ƙasa.

Bari in kawo muku misalin da ya faru a unguwarmu, ba tare da na kama suna ba. Wani Alhaji ɗan Kano, mai sayen goro, yakan sauka a Aboabo ya yi watanni yana bin ƙauyukan Asante da Ahafo yana tara kaya. Abokan cinikinsa suna turo masa kuɗi ta hannun 'yan canji, shi kuma ya gaji da yawo da sidi a jaka cikin motar haya. Ya shirya ya tafi wani banki a Adum, ya miƙa silif ɗinsa na NIN. Yarinyar da ke tebur ta jujjuya shi ta ce ba sa karɓar wannan, ya kawo Katin Ghana. Iyakar abin da ta faɗa masa ke nan, da Turanci, mutane kuma na jira a bayansa. Alhaji ya fito da fahimtar cewa sai ɗan Ghana ake buɗe wa asusu.

Da ta ƙara jimla biyu da ta raba shi da wahala. Katin Ghana iri biyu ne, akwai na ɗan ƙasa, akwai na baƙo mazauni. Baƙon da zamansa a ƙasar ya kai kwana 90 idan aka tara, doka ta ce ya yi rajistar katin baƙi a wurin NIA. Da fasfo ake zuwa, ba da silif ba, domin fasfo ne ke nuna ƙasar mutum da ranar haihuwarsa da hatimin ranar da ya shigo. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi shiga ba biza da zama har kwana 90, abin da ya wuce haka kuwa sai da takardar izinin zama daga hukumar shige da fice. Kuɗin katin baƙi dala 120 ne a karon farko, sannan akwai kuɗin sabuntawa duk shekara, ana biya da sidi bisa canjin ranar. Za a ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa a nan Ghana, su shiga rumbun NIA. Daga ranar, idan ya je banki da katin da fasfonsa da izinin zamansa da adireshin GhanaPostGPS na gidan da ya sauka, ma'aikaci yana da inda zai tambaya. Zai ɗora yatsa a na'ura ko a ɗauki fuskarsa, amsa ta dawo cewa shi ne.

Ni a ganina kuɗin nan ya yi wa ƙaramin mai nema nauyi, musamman da yake duk shekara ne. Mai wankin takalmi ko mai tallan shayi ba zai iya ba, kuma ya dace shugabanninmu su faɗi haka a duk inda suka sami kunnen gwamnati. Amma ga mai jujjuya dubban sidi a mako, dala 120 ba komai ba ce idan aka auna da abin da ya sami Alhaji.

Ɗan maigidansa ɗalibi ne, yana da Katin Ghana da ɗan asusun da ake tura masa kuɗin makaranta. Aka ce a riƙa zuba kuɗin goro a ciki, yaron ya riƙa cirowa. Da farko lafiya lau. Da kaka ta kama, sai sidi 60,000 suka shiga asusun cikin mako guda, daga hannun mutane daban-daban, wasu a Accra wasu a bakin iyaka. A fom ɗin da yaron ya cike ranar buɗe asusu an rubuta ɗalibi, an rubuta ɗan abin da ake sa ran zai riƙa shiga a wata. Kwamfutar banki da wannan take gwada kowace shiga da fita, kuma da ta ga abin ya yi nisa da abin da aka rubuta sai ta ɗaga tuta. Aka tsayar da cire kuɗi, aka kira yaron ya zo ya yi bayanin inda suka fito. Ya ce na baƙon babansa ne. Aka ce ina baƙon, ina shaidarsa, ina takardun cinikin. Alhaji ya zo ya sake miƙa silif ɗin nan dai.

A idon banki kuɗin na yaron ne, tunda sunansa ne a asusu, yaron kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba nasa ba ne, wanda ya ce nasa ne kuma ba a iya tabbatar da ko wane ne shi. Irin wannan yanayi shi ne ainihin abin da doka ta ce banki ya kai rahotonsa ga cibiyar bin diddigin kuɗi ta ƙasa. Manoma suna jiran kuɗinsu, goro yana cikin huhu ana yayyafa masa ruwa ana canja ganye, motar da aka yi ciniki da ita ta ɗauki kayan wani ta tafi. Sai da aka tattaro rasit-rasit, aka kawo fasfon Alhaji daga Kano, wanda ya baro a gida saboda ya saba tsallaka iyaka ba tare da shi ba, aka yi rubuce-rubucen bayani, kafin a saki kuɗin bayan makonni. Wani ɓangare na goron ya lalace. Tsakanin gidan da Alhaji kuwa, zumuncin da aka gada tun kakanni ya yi sanyi.

Allah ya gafarta malam, nan ne nake roƙon ku sa baki, domin abin ya taɓa amana da gado. Da a ce Allah ya yi wa yaron nan rasuwa kuɗin na ciki, banki ba zai saki ko sisi ba sai ga wanda ya kawo takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, kuma magadan yaron ne za su same ta. Alhaji ba shi da layi ɗaya a rubuce da ke cewa kuɗinsa ne. Da kuma Alhajin ne ya rasu, marayunsa na Kano ba su san ma akwai wani asusu a Kumasi ba. Haka abin yake ga layin momo, wato na ajiya da tura kuɗi ta waya, da aka yi wa rajista da katin wani. Mutane suna ɗaukarsa taimako, kuma da niyyar taimako ake yi, amma mai ba da aron sunansa shi zai amsa tambaya idan kuɗin zamba suka ratsa ta ciki, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta fi wannan muni, ita ce baƙo ya nemi katin ɗan ƙasa. Ƙa'idar NIA ta yarda wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo, ɗan'uwansa mai kati ya rantse masa, ko mutum biyu da suka san shi. An yi wannan sassauci ne saboda irin iyayenmu da aka haifa a gida ba a rubuta ba. Idan muka mayar da shi hanyar rantse wa baƙo cewa ɗan ƙasa ne, laifi ne a doka ga mai rantsuwar da wanda aka rantse wa, rantsuwar ƙarya ce a addini, sannan kowane irin wannan da aka kama yana ƙara wa jikokin zango na asali wahala a layin rajista. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, lokacin gwamnatin Busia, shi ya sa har yau wasu ke jin tsoron duk takardar da za ta rubuta su a matsayin baƙi. Na fahimci tsoron. Amma baƙon da ke riƙe da fasfo da izinin zama da katin baƙi ya fi kowa kwanciyar hankali ranar da aka tare mota a hanya.

Sai silif na biyu, namu na gida. Tun da aka yi gagarumar rajista a 2019 da 2020, akwai mutanenmu da suka bi layi aka ɗauki yatsunsu aka ba su takarda aka ce su dawo, katin bai fito ba, musamman lokacin da katunan bugawa suka yi ƙaranci a 2022 zuwa 2023. Wannan takarda shaida ce cewa mutum ya gabatar da kansa, da ita kuma zai karɓi katinsa. Ba ta nuna cewa hukuma ta gama tantance shi. Bayan rajista ana gwada yatsun mutum da na duk waɗanda ke cikin rumbun, kuma idan aka ga ya taɓa yin rajista a wani wuri sai a riƙe fayil ɗin har a bincika. Da yawa daga cikin matanmu haka ta same su ba da mugun nufi ba: an yi rajista a Asawase kati bai fito ba, da aka ji ana yi a wata unguwa sai aka sake bin layi, wataƙila a wannan karon da sunan miji maimakon na uba. Rajista biyu ke nan a kan yatsu ɗaya, kuma ba za ta warware da kanta ba sai an je ofis.

Lambar Katin Ghana tana da siffa sananniya, GHA sannan alƙaluma 9 sannan alƙalami ɗaya a ƙarshe, haka: GHA-000000000-0. Wanda lambar da ke takardarsa ba ta da wannan siffa, lambar rajista ce kawai yake riƙe da ita, kuma babu bankin da zai iya neman sa da ita. Wanda kuma yake da cikakkiyar lambar, nan ne ake samun bambancin da ke ruɗa mutane, a ce an karɓi wane a can an ƙi wance a nan. Dalili shi ne tantancewa da yatsa ko fuska daga rumbun NIA take zuwa, don haka inda na'ura ke aiki ana iya ganin mutum ko katin ba ya hannunsa. Amma fom ɗin buɗe asusu yana neman ranar da aka ba da kati da ranar da zai ƙare, katin ɗan ƙasa kuwa shekara 10 yake yi, kuma waɗannan ranaku a jikin katin suke. Ma'aikacin da ƙa'idar bankinsa ta ce sai ya ga kati da idonsa ba shi da abin da zai cike gurbin da shi. Fotokwafin kati ma matsayinsa ɗaya da silif, takarda ce da ba ta tabbatar da mai riƙe da ita.

Saboda haka wanda aka mayar kada ya fito sai ya tambayi abu ɗaya cikin ladabi: an buga lambata ko ba a buga ba, in an buga me ya fito? Amsar ita ce ke nuna inda zai nufa. In an ce sabis ne babu, gobe ma rana ce, ko ya gwada wani reshe. In an ce ba a ga lambar ba, ko an gan ta amma fayil ɗin a riƙe yake, wannan ba aikin banki ba ne, ofishin NIA na gundumarsa zai je da silif ɗin. In an ce an gan shi amma suna ko ranar haihuwa sun saɓa da abin da ya rubuta ko da tsohon asusunsa, sai ya tsaya ya zaɓi wanda yake daidai ya bi hanyar gyara. Wannan ta fi kama mu fiye da kowa, domin sunan mutum ɗaya ana rubuta shi Mohammed a makaranta, Mahamadu a katin asibiti, Muhammad a fasfon Hajji, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. In kuma yatsa ne ya ƙi kamawa, kamar yadda yake faruwa ga tsofaffi da masu wanki da mata masu lalle da maƙera, ya roƙi a gwada sauran yatsun ko a ɗauki fuska. Na ga tsohuwar da aka mayar saboda babban yatsanta ya goge, alhali da aka shafa mata ɗan mai aka gwada na tsakiya nan take ya kama.

Ranku ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Ku sa a faɗa a masallatan Juma'a da wuraren suna da ɗaurin aure, da Hausa, cewa silif ba ya buɗe asusu, kuma baƙo yana da katinsa na halal da zai nema. Kowane maigida mai saukar fatake ya tambayi baƙonsa fasfo tun ranar da ya sauke kaya, in bai zo da shi ba ya sa a aiko masa, kada a jira sai kuɗi sun maƙale. Ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan albasa da 'yan shanu suna da asusun taimakon juna, ba zai gagare su su ranta wa sabon ɗan ƙungiya kuɗin katin baƙi ya biya a hankali ba.

Ina kuma roƙon ku yi amfani da girmanku a wurin manajojin rassan da ke cin kasuwar zango. Ba cewa za ku yi su karya doka ba, ba za su iya ba, ni ma ba zan so su yi ba. Abin da za ku nema shi ne su manna sanarwa a bakin ƙofa da Hausa da Turanci da Asantanci, mai faɗin abin da ɗan ƙasa zai kawo da abin da baƙo zai kawo, su kuma umarci ma'aikatansu su riƙa faɗa wa wanda suka mayar dalili da inda zai je. Reshen da ke karɓar ajiyar Aboabo da Alabar bai kamata a rasa mai jin Hausa ko ɗaya a teburin buɗe asusunsa ba, ga yaranmu masu digiri suna zaune a gida. Haka nan ku nemi shugabannin NIA na yankin Asante su ware ranakun da za su zo fadar sarki ko harabar babban masallaci da na'urorinsu, a duba fayilolin da aka riƙe, a raba katunan da aka buga ba a karɓa ba. Tsohuwar da ba ta iya tsayuwar layi tun asuba ita ce ke faɗawa hannun 'yan kamasho na bakin ofis, su karɓi kuɗinta da silif ɗinta, wani lokaci ba ta sake ganin ko ɗaya ba.

Kafin a kai ga haka, kowace fada ta ajiye littafi, a zaunar da matashi ɗaya mai ilimi ranar Asabar, duk mai silif ba kati ya zo a rubuta sunansa da unguwarsa da shekarar da ya yi rajista da amsar da aka ba shi a banki. Kada a rubuta cikakkiyar lambar kowa, kada a ajiye kwafin takardar kowa, domin lambar sirrin mai ita ce. Da wannan littafi za ku shiga ofishin hukuma kuna faɗin mutum nawa ne a kowace unguwa da irin matsalar kowannensu. Ni a shirye nake in zauna da matasan da kuka zaɓa in nuna musu yadda ake karanta takardun nan da irin tambayar da za su yi wa mai ƙorafi, kyauta, a duk fadar da aka kira ni.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya da nisan kwana, ya saka wa malamai da alheri.

Wassalam.

Ɗanku,
tsohon ma'aikacin banki, Aboabo, Kumasi.